Nas 140 ne a asibitin, fomula ta ce 384: mutum nawa zan tambaya, kuma su wa?

*Assalamu alaikum Malama. Ina rubuta aikin kammala karatun jinya a kan ciwon baya tsakanin nas-nas masu aiki a ɗakunan kwantar da marasa lafiya na wani asibiti. Ɗakunan bakwai ne, nas-nas ɗin 140. Na buga fomular da ke littafinmu ta ba ni 384, malamin da ke duba aikina ya ce in koma ta Yamane. Niyyata in bai wa incaj-incaj takardun tambayoyi su raba da safe, sannan in gwada masu aikin dare da masu aikin rana. Mutum nawa zan ɗauka, kuma yaya zan zaɓe su?*

Wa alaikis salam, 'yata. Shawarata ita ce ki gayyaci duka 140 ɗin, kada ki bar rabon takardu a hannun incaj, kuma ki rage burin da kika ɗora wa gwada dare da rana. Bari in bi miki dalilan ɗaya bayan ɗaya, don ranar kare aikin ba za a karɓi "Malama ce ta ce" daga bakinki ba.

Ba ki yi kuskuren lissafi ba da kika samu 384. Fomular da ke littafinku ita ce wadda ake jingina wa William Cochran:

```
n0 = z² × p × (1 − p) / d²
n0 = 1.96² × 0.5 × 0.5 / 0.05² = 384.16
```

Harafin `p` shi ne kason mutanen da kike zaton suna da ciwon bayan. Idan ba a da masaniya sai a sa rabi, domin rabi ne ke ba da adadi mafi yawa, ta haka mutum ya rufa wa kansa asiri. Harafin `d` shi ne tazarar kuskuren da kika yarda da ita, a nan maki 5 sama ko ƙasa. Shi kuma 1.96 ya fito ne daga amincin kashi 95 cikin 100. Abin da littafin bai jaddada muku ba shi ne, an gina wannan fomula a kan cewa jama'ar da za a ɗiba daga cikinsu suna da ɗimbin yawa, yadda cire mutum ɗari uku ko huɗu ba zai rage komai ba. Ke kuwa tafkinki ƙarami ne. Duk nas ɗin da kika tambaya ta rage yawan waɗanda ba ki san halinsu ba, ragi na gani da ido. Don haka akwai gyaran da ake yi wa ƙaramar jama'a, inda `N` yake nufin yawan jama'ar gaba ɗaya:

```
n = n0 / (1 + (n0 − 1) / N)
n = 384 / (1 + 383 / 140) = 102.8
```

Wato 103, tunda ba a tambayar guntun mutum, kuma kullum sama ake cikewa. Ta Yamane, wadda ake ambatar littafinsa na 1967 a kanta, ga abin da take bayarwa, inda `e` yake nufin tazarar kuskuren da muka kira `d`:

```
n = N / (1 + N × e²)
n = 140 / (1 + 140 × 0.05²) = 103.7
```

Wato 104. Teburin Krejcie da Morgan na 1970 kuma, idan kika duba layin 140, 103 za ki gani. Kin ga ashe babu abin jayayya da malaminki a nan. Fomular Yamane ita ce dai ta Cochran da aka yi wa gyaran ƙaramar jama'a, aka kulle `p` a kan rabi, aka cike 1.96 ya koma 2. Ɗalibai da yawa sukan kwashe makonni suna ta musu kan wacce ta fi inganci, alhali mutum ɗaya tak ya raba su. Ki yi amfani da wadda malaminki ya fi so, ki dai san abin da ke ƙunshe a cikinta.

Wannan 103 kuma takardun da suka dawo a cike ake nufi, ba waɗanda aka raba ba. Idan kina zaton ɗaya cikin goma ba za ta dawo ba, rabawa ake yi da 0.9, sai ki samu 114.4, a cike ya zama 115. Wasu sukan ƙara kashi 10 cikin 100 a kan 103 kawai, wanda ba daidai ba ne. A nan bambancin bai taka kara ya karya ba, amma da zaton rashin dawowar ya kai kashi 30 cikin 100, rabawa za ta ba ki 148, ƙari kuma ya ba ki 134. Ki lura 148 ta ma wuce yawan nas-nas ɗin asibitin gaba ɗaya.

To, tsaya ki dubi inda lissafin ya kawo mu. Za ki zaɓi 115 cikin 140. Duk wahalar jefa ƙuri'a da kasafta ɗakuna don a ware mutum 25 ne a ce da su ban da ku. Me kika tsira da shi? Takarda 25. Abin da kika jawo wa kanki kuma ya fi haka: a ɗakin da ake aiki kafaɗa da kafaɗa, wadda aka ba takarda za ta tambayi kanta me ya sa ita, wadda aka tsallake ta tambaya me ya sa ban da ita, kuma kafin a yi musayar aiki an fara raɗe-raɗin cewa hukumar asibiti ce ta turo ki. Ɗibar samfuri dabara ce ta wanda jama'a suka fi ƙarfin lokacinsa da aljihunsa. Idan ba su fi ƙarfinki ba, ki gayyaci kowa. A babin hanyoyin bincike sai ki rubuta cewa an gayyaci dukan nas-nas da suka cika sharaɗi, ki kawo lissafin 103 a matsayin mafi ƙarancin amsoshin da ake bukata. Yawancin masu duba aiki sukan gamsu da haka, domin fomular da suke nema tana nan a shafin.

Idan makarantarku ta kafe sai an ɗebi samfuri, ki kasafta bisa ɗakuna. Tunda 115 cikin 140 kusan kashi 82 cikin 100 ne, ɗakin da ke da nas 28 za a ɗauki 23, mai 11 a ɗauki 9. A kowane ɗaki ki jera sunaye a Excel, ki rubuta `=RAND()` a gefen kowane suna, ki kwafe lambobin ki manna su a matsayin lambobi tsayayyu don kada su yi ta sauyawa, sannan ki jera daga ƙarama zuwa babba ki ɗauki na sama. Wadda ƙuri'a ta faɗa kanta ta ƙi, ta ƙi ke nan. Ba a maye gurbinta da ƙawarta da ke kusa da tebur. Abin da kawai ba zan yarda miki da shi ba shi ne ki zaɓi ɗakuna uku ki tambayi kowa a ciki ki bar huɗu. Nas-nas na ɗaki ɗaya gado iri ɗaya suke sunkuyawa a kai, marasa lafiya iri ɗaya suke juyawa, ƙarancin hannu ɗaya suke fama da shi, don haka amsoshinsu sukan yi kama da juna, kuma mutum 20 daga ɗaki guda ba sa ba da labarin da mutum 20 daga ɗakuna daban-daban za su bayar. Idan ɗakin ƙashi na cikin waɗanda kika bari, kin bar wurin da aka fi ɗaga mutane.

Yanzu ga inda aikin yake da gaske, kuma a nan zan daɗe.

Wannan 140 ɗin, daga ina kika samo ta? Idan daga ofishin ma'aikata ne, to jerin masu karɓar albashi aka ba ki, kuma ba lallai ya yi daidai da masu shiga ɗaki ba. A cikinsa akwai wadda ta tafi ƙaro karatu, da mai hutun haihuwa, da wanda aka mayar wani sashe ba a gyara takarda ba. Kuma ba za ki ga waɗanda ke ɗakin kullum amma sunansu bai hau jerin ba, kamar na wucin gadi da ɗalibai masu sanin makamar aiki. Ki bi ɗakunan bakwai da ƙafarki ki karɓi rostar watan, ki ɗora ta a kan jerin ofis suna bayan suna. Duk sunan da ke ɗaya babu shi a ɗaya, ki tambayi dalili. Aikin yini biyu ne, kuma daga shi ne za ki san ainihin `N` ɗinki. Kafin ki raba takarda ko ɗaya ki rubuta sharaɗin shiga. Idan tambayarki ita ce ko mutum ya yi ciwon baya cikin wata 12 da suka wuce, kamar yadda takardar tambayoyin Nodik ta 1987 ke tambaya, to wadda ta fara aiki a ɗakin wata biyu da suka wuce ciwon wani wurin za ta kawo miki. Ki yanke iyaka, ki faɗi dalilinta, kada ki sauya ta bayan kin ga amsoshi.

Ciwon baya yana da wata mugunta ta musamman ga mai bincike: shi da kansa yake kwashe miki mutanen da kika fi bukata. Wadda bayanta ya fi tsanani tana gida da takardar likita. Wadda ya daɗe yana damunta ta nemi a mayar da ita sashen da ake ganin likita a koma gida, inda babu juya majinyaci. Wata ta ajiye aikin ma baki ɗaya. Waɗanda za ki tarar a tsaye a ɗaki su ne waɗanda bayansu ya bar su suka tsaya. Masu nazarin lafiyar ma'aikata sun daɗe da sanin wannan karkata, cewa masu aiki a kowane lokaci sun fi lafiya a kan dukan waɗanda suka taɓa yin aikin, kuma tana sa a raina cutar da aiki ke jawowa. Wadda ta bar aiki ba ki da yadda za ki yi da ita, sai ki ambata a iyakokin bincike. Amma mai hutun rashin lafiya na mako biyu za ki iya samunta idan kin bar ƙofa a buɗe har ta dawo. Waɗanda aka sauya wa sashe cikin shekarar kuma, ko ba ki shigar da su ba, ki tambayi shugabar nas-nas yawansu, ba sunayensu ba, ki rubuta adadin.

Sai maganar safe. Ki tsaya a bakin ɗaki da ƙarfe tara ki ga wa ke nan. Incaj na nan, manyan da suka daɗe ba su yi kwana ba suna nan, da waɗanda aka ɗauke wa aikin dare saboda juna biyu ko wata larura. Ƙananan da ke juya majinyata su biyu rak da tsakar dare suna gida suna barci, ko suna hutun da ke biyo bayan kwanan. Ba ma za ki iya cewa ga ɓangaren da wannan zai karkatar da sakamakonki ba. Manya sun fi shekaru amma sun rage ɗaga nauyi, waɗanda aka ɗauke wa dare wataƙila bayan ne ya sa. Karkatar da ba a san gabanta ba ita ce ba ta gyaruwa da lissafi. Maganinta rosta: ki ga tsawon lokacin da juyin aiki ke ɗauka kafin kowa ya zagayo, ki sa lokacin tattara bayananki ya rufe shi, ko da mako huɗu ne. Ki riƙa zuwa lokacin musayar aiki, sa'ad da masu sauka da masu karɓa suke haɗuwa, har da musayar dare. Kada dai ki ce a cike a nan take. Mai sauka daga kwana ba abin da take so sai gado, za ta yi miki tik-tik a layi ɗaya ta miƙo.

Incaj kuma, ki girmama ta, ki nemi izininta, ki yi mata bayanin aikin, amma takarda kada ta bi ta hannunta, ko zuwa ko dawowa. Ita ce mai rubuta rosta, ita ce mai sa hannu a takardar hutu. Ƙaramar nas da shugabarta ta miƙo wa takarda ba ta da bakin cewa a'a, kuma da haka yardar da kwamitin ɗa'ar bincike ke nema ta zama ta fatar baki. Sannan wa zai rubuta "na yi fashin aiki kwana biyar saboda bayana" a takardar da za ta kwana a durowar incaj? Na taɓa duba aikin wata ɗaliba da ta zo tana murna duk takardunta sun dawo, ko ɗaya ba ta ɓata ba. Da muka baza su a tebur, sai ga goma sha ɗaya daga ɗaki guda da biro kore iri ɗaya, lamba bakwai duk da 'yar sanda a tsakiya. Ba ɗalibar ce ta cike ba. Wata ce a ɗakin ta ga an matsa mata lamba a kan takardu, ta zauna ta taimaka. Tun daga ranar, idan aka ce min kowa ya amsa, rubutun hannu nake fara dubawa kafin sakamako.

Ki sa kowace takarda a ambulan, ki ajiye akwati mai kulle a wurin da ba ofishin kowa ba, mabuɗi a hannunki. Za ki ce to yaya zan san wadda ba ta dawo da ita ba in tuna mata, tunda babu suna? Ki haɗa da 'yar ƙaramar takarda daban mai suna kawai, wadda ke cewa "na mayar" ko "ba na son shiga", a jefa ta a wani akwatin na biyu. Ta haka kin san wa za ki sake bi, ba ki san wa ya rubuta me ba. Tuni sau biyu ya isa, na uku ya zama takura. Ki kuma kula da tambayoyin farko na takardar. Idan namiji ɗaya ne a ɗakin yara, kika tambayi jinsi da ɗaki, kin rubuta sunansa ke nan. Shekaru ki sa su rukuni-rukuni, kuma a rahoto kada ki fitar da teburin da wani gurbinsa mutum biyu ne ko uku.

Me ya sa na dage a kan wannan fiye da fomula? Mu ƙaddara, misali ne kawai, kin gayyaci 140, takarda 90 suka dawo, 36 suka ce sun yi ciwon baya. Kashi 40 cikin 100 ke nan. Idan aka ɗauka cewa 90 ɗin nan kamar ƙuri'a ce ta fito da su, tazarar kuskure da gyaran ƙaramar jama'a kusan maki 6 ce, wato daga 34 zuwa 46. Abin sha'awa a takarda. Amma ba ƙuri'a ce ta fito da su ba, su suka zaɓi kansu. Dubi mutum 50 da suka yi shiru. Idan babu mai ciwo ko ɗaya a cikinsu, gaskiyar ita ce 36 cikin 140, kusan kashi 26. Idan dukansu suna da shi, 86 cikin 140, kusan kashi 61. Ba wanda ke zaton ɗayan biyun ne zai faru, amma tsakanin 26 da 61 ne kaɗai abin da za ki iya rantsuwa a kai, kuma fomula ba ta san da wannan ramin ba sam. Da kin bi sawu kin samu 125, masu shiru su zama 15, kuma aka ce 50 ne masu ciwon, iyakokin za su matso su koma tsakanin 36 da 46. Kowace takarda da kika ƙwato daga mai wuyar samu tana rage ramin, abin da sauya Cochran da Yamane ba zai taɓa yi ba.

Akwai hanyar leƙa waɗanda suka yi shiru. Rostar da kika tattara ta gaya miki yawan kowane ɗaki, da muƙami, da jinsi. Ki yi ƙaramin tebur: ga yawan da ke akwai, ga yawan da suka amsa. Idan ɗakin yara ya ba da tara cikin goma, ɗakin ƙashi ya ba da huɗu cikin goma, kin san inda sakamakonki ya gurgunce, kuma kin san inda za ki koma tun lokaci bai ƙure ba. Ki kuma rubuta ranar da kika kwashe kowace takarda daga akwati. Waɗanda sai da aka tuna musu suka amsa sun fi kama da waɗanda ba su amsa ba kwata-kwata. Idan kason ciwon a makon farko ya yi sama, na makon ƙarshe ya sauko, alama ce masu ciwon ne suka yi ribibin amsawa, kuma 40 ɗinki ta ɗara gaskiya. Idan akasin haka ne, ki yi zargin masu ciwon ne ba sa nan.

Gyaran ƙaramar jama'a kuma yana da farashi. Da kika rage 384 ta koma 103, alkawari kika ɗauka cewa maganarki a kan waɗannan nas-nas 140 na wannan asibiti ce, a wannan lokaci. Ba za ki zo babi na biyar ki ce "wannan ya nuna nas-nas na fama da kaza" kamar kin zagaye ƙasa ba. Ki sa iyakar a taken aikin tun daga farko.

Saura dare da rana, kuma a nan ne zan ɓata miki rai kaɗan. Duk fomulolin da muka buga amsar tambaya ɗaya suke bayarwa: kashi nawa ne ke da ciwon? Tambayar ko rukuni ɗaya ya fi ɗaya lissafinta daban, kuma ta fi cin mutane nesa ba kusa ba. Sai kin fara faɗin girman bambancin da kike son kamawa. Mu ce kina zaton kashi 50 na masu dare, kashi 30 na masu rana, bambancin maki 20, wanda ba ƙarami ba ne. Ana son ƙarfin bincike ya kai kashi 80 cikin 100, ma'ana idan bambancin na nan da gaske, a bincike goma irin naki takwas su gano shi. Idan kika shigar da waɗannan a G*Power, manhaja ce ta kyauta, amsar ita ce mutum 93 a kowane rukuni, 186 jimilla, wasu hanyoyin lissafin ma su haura 100 a kowane rukuni. Asibitinki gaba ɗaya bai kai ba. Gyaran ƙaramar jama'a ba zai cece ki a nan ba, domin mai tambayar ko aikin dare na da alaƙa da ciwon baya ba halin mutum 140 kaɗai yake nema ba, halin aikin yake nema.

Mu koma ga 90 ɗin nan, a ce sun rabu 45 da 45. Ƙarfinki na kama bambancin 50 da 30 kusan rabi ne, kamar jefa kwabo. Abin da za ki iya kamawa da ƙwarin gwiwa sai bambanci mai faɗin maki 30, irin 55 da 25. A ce kin samu 22 cikin masu dare, kashi 49, da 14 cikin masu rana, kashi 31. Gwajin bambancin zai ba ki nasa `p`, ba na fomular Cochran ba, kusan 0.09, wanda ya haura iyakar 0.05 da aka saba yanke hukunci da ita, kuma abin da ɗalibai ke rubutawa a nan shi ne "babu alaƙa tsakanin aikin dare da ciwon baya". Wannan jimla ƙarya ce, ko da ba da niyya ba. Bambancin da kika gani maki 18 ne, tazararsa ta tashi daga 2 ƙasa da sifili zuwa 38 sama da shi. Wato bayananki sun dace da babu bambanci, sun kuma dace da bambanci mai girman gaske. Abin da za ki rubuta ke nan: ga bambancin, ga tazararsa, yawan mutanen bai isa a yanke hukunci ba. Kuma kada ki bi shawarar da wani zai ba ki ta komawa G*Power ki yi ta faɗaɗa bambancin da kike zato har adadin ya sauko ya dace da mutanen da kike da su. Mai duba aiki da ya san kan abin zai tambaye ki daga ina kika samo zaton, kuma ba ki da amsa.

Kafin ma a kai ga lissafi, shin akwai "masu dare" da "masu rana" a asibitin? A yawancin ɗakuna juyi ake yi, wadda ke safe wannan makon ita ce ke kwana mako mai zuwa. Idan haka ne, tambayar "wane aiki kike yi" za ta ba ki abin da rosta ta ce a ranar kawai. Gara ki tambayi dare nawa mutum ya kwana a aiki cikin watan da ya wuce, lambar da zai iya tunawa. Ki ƙara tambaya ɗaya da za ta yi miki amfani fiye da guda goma: an taɓa ɗauke miki aikin dare ko sauya miki ɗaki saboda ciwon baya? In babu ita, za ki iya tarar da masu rana sun fi ciwon, ki rubuta cewa aikin rana ne ke kawo shi, alhali ciwon ne ya kai su rana.

Don haka ki gyara manufofinki tun yanzu. Babbar manufa ta zama gano yawan ciwon bayan a ɗakunan bakwai, wadda mutanenki sun isa su amsa. Gwada dare da rana ki sauko da shi ya zama manufa ta biyu, ki rubuta a fili tun a shawarar aikin cewa leƙe ne, ba a gina adadin don shi ba. Idan malaminki na son ya zama babbar manufa, to sai an ƙara asibiti na biyu, da sabon izini da ƙarin lokaci, kuma wannan magana ce da za ku yi kafin a je kwamitin ɗa'a, ba bayan an dawo ba. Haka nan ki rage teburan da za ki gwada ciwon da kowane abu. Idan kika yi gwaji ashirin a kan mutum 90, ko babu wata alaƙa ko ɗaya, ana sa ran guda zai fito ƙasa da 0.05 don sa'a kawai. Ki zaɓi uku ko huɗu da kike da dalilinsu, ki rubuta su kafin ki buɗe akwati.

Gwajin takardar tambayoyi kafin fara aiki kuma, kada ki yi shi da mutanen ɗakunan nan. Duk wadda ta cike ta gwaji ta fita daga lissafi, kuma ba ki da mutanen da za ki zubar. Ki nemi nas-nas na wani asibitin mai kama da wannan, ko na wani sashen da ba ya cikin bincikenki, ki zauna kusa da su suna cikewa, ki duba agogo, ki ga tambayar da suka ɗago kai suka dube ki a kanta. Idan ta ɗauke su fiye da minti goma sha biyar, ki rage ta kafin ki kai ta ɗakin da nas biyu ke riƙe da gado talatin.